Kayan gwajin gaggawa na jabu: tambayoyi da amsoshi kan abin da hoton leda, lambar rukuni da takardar bayani ke nunawa

Wannan shafi domin masu kemis ne, da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji a Kaduna, waɗanda dillali kan turo wa hoton kwalin kayan gwaji a waya ya ce su turo kuɗi. Mun fi mayar da hankali kan gwajin zazzabin cizon sauro, wato RDT na maleriya, domin shi ne ya fi yawo a hannun mutane, musamman idan damina ta kankama. Amma yawancin abin da ke nan ya shafi na HIV da na ciwon hanta da na juna biyu, tunda tsarin kunshinsu kusan ɗaya ne.

Da gaske hoto kaɗai zai iya nuna cewa kayan gwaji jabu ne?

Hoto yana iya kama ƙarya, amma ba ya iya wanke kaya. Idan ranar lalacewa da ke jikin kwali ta saɓa da wadda ke jikin leda, ka gama samun amsa, ba sai ka taɓa kayan ba. Idan kuwa komai ya yi daidai a hoto, abin da ka sani kawai shi ne kunshin bai tona asirin kansa ba. Abin da ke aiki a cikin kaset ɗin ɗan siririn layi ne na sinadarin kama ƙwayar cuta da aka shimfiɗa a kan takarda, kuma ba a ganinsa da ido, balle a hoto. Kaset na asali da ya yi wata biyu yana gasuwa a shago mai rufin kwano a watan Afrilu zai fito tsaf a hoto, alhali ƙarfinsa ya ragu.

Wane irin jabu ne aka fi cin karo da shi?

Mutane sun fi tunanin wata ɓoyayyar masana'anta da ke kwaikwayon kaya tun daga tushe. Akwai wannan, sai dai hanya mafi sauƙi ga mai ha'inci ita ce ya sami kaya na asali da wa'adinsu ya ƙare ko ya kusa, ya goge ranar ya buga sabuwa. Ba ya buƙatar injin yin kaset, ɗan sinadarin goge tawada da na'urar buga lamba sun ishe shi.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun kayan gwajin HIV masu ɗauke da sunan Uni-Gold, da aka gano a Guyana da Kenya. Kamfanin Trinity Biotech, mai yin na asalin, shi ne ya tabbatar cewa ranar lalacewar da ke jikin kayan ba ta dace da bayanan da ke rubuce a wurinsa game da rukunin ba. Abin lura a nan shi ne lambar rukuni tana iya zama ta gaske, ranar da aka manna mata ce ta ƙarya. Shi ya sa ba a duba ɗaya a bar ɗaya.

Akwai kuma kashi na uku, kayan da aka karkatar daga rabon gwamnati ko na masu tallafi. Waɗannan sukan zo da rubutun NOT FOR SALE, ko kuma da wani wuri a kwalin da aka kankare ko aka rufe da sitika. Ko da na asali ne, babu wanda zai iya gaya maka inda suka kwana da irin zafin da suka sha a hanya.

Waɗanne hotuna zan nema kafin in biya?

Ka nemi dukkan fuskoki shida na kwalin, har da ƙasansa. Sannan ledar kaset guda uku da aka zaro daga wurare daban-daban a cikin kwalin, gaba da baya. Sai kwalbar ruwan gwaji, a juya ta yadda rubutun jikinta zai fito, da takardar bayani a buɗe gaba da baya. Na ƙarshe, wanda ya fi duka amfani: hoto guda da ya haɗa kwali da leda da kwalba gefe da gefe, lambobinsu duka suna karantuwa. Wannan ne ke hana a turo maka hoton kwalin wani da ledar wani.

Ka ce a turo su a matsayin `Document` a WhatsApp. Idan aka turo ta hanyar hoto da aka saba, manhajar tana matse shi, ƙananan ɗigon tawada su narke, kuma a cikinsu ne shaidar take. A kashe filashi, domin ledar tana da ƙyalli, haske zai dawo ya wanke rubutun. A ɗauka a bakin taga ko a inuwar baranda, ɗaya daga sama kai tsaye, ɗaya kuma a karkace yadda haske zai zo daga gefe.

Dillalin da ya turo hoton kwali mai fari tas a bayansa, irin na talla, bai nuna maka kayansa ba. Ka ce ya rubuta ranar yau a ɗan guntun takarda ya ajiye kusa da kwalin ya sake ɗauka.

Me ake dubawa a jikin ledar?

Ledar ba ado ba ce. Hawa-hawa ake yin ta: roba a waje inda ake buga rubutu, siririn alminiyum a tsakiya mai hana danshi da haske shiga, sai wata robar a ciki wadda ke narkewa ta manne idan inji ya danna ta da zafi. Danshi shi ne babban abokin gaban takardar da ke cikin kaset, don haka ledar da ta huje daidai take da kayan da suka lalace, ko da ranar da ke jikinta ta rage shekara guda.

Fara da bakin da aka like. Likin masana'anta yakan zama madaidaici, faɗinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma iri ɗaya ne a dukkan ledojin kwalin. Wanda aka buɗe aka sake likewa da ƙaramin injin like leda, irin na masu ƙulla kayan miya da garin kunu, yakan bar siririn layi ɗaya, wani lokaci a karkace, da ɗan yamutsewa ko alamar ƙuna. Wani lokaci ma za ka ga layin liki biyu, tsoho da sabo. Ka dubi ɗan yankan da ke gefe inda ake yagewa. Idan babu shi a wasu ledojin, ko ya matso dab da bakin, mai yiwuwa an yanke saman ledar ne aka sake likewa. A jera leda uku a ɗauki hoto: wadda ta fi sauran gajarta ita ce abar tuhuma.

Daga nan ka koma wurin da aka buga lambobi. Zanen kamfani da launukansa ana buga su ne tun ana yin ledar, amma lambar rukuni da ranaku daga baya ake buga su, ranar da aka zuba kayan, sau da yawa da baƙar tawada mai ɗigo-ɗigo. Wanda ya goge su da sinadari yakan bar tabo: wurin ya dushe ko ya fi kewayensa sheƙi, ko a ga inuwar tsohuwar lamba a ƙarƙashin sabuwa. A hoton da aka ɗauka kai tsaye ba lallai a gani ba, amma a hoton karkace tabon yakan fito kamar sawun yatsa a gilashi. Sitika da aka manna a kan wurin ranar ita ma abar tambaya ce. Wasu kamfanoni da sitika suke buga lambobinsu tun asali, to amma idan haske daga gefe ya nuna akwai rubutu a ƙarƙashinta, kada ka saya.

Idan kayan sun riga sun zo hannunka, yaga leda ɗaya. Dole ka tarar da ɗan ƙunshin silika mai tsotse danshi. Wasu suna da ƙwayoyi masu canza launi, shuɗi ya koma ruwan hoda, ko ruwan lemo ya koma kore, idan danshi ya shiga. Ba kowane kamfani ke sa mai launi ba, takardar bayani ce za ta faɗa. Ka shiga ɗaki mai duhu da ledar da babu komai a ciki, ka sa tocilan waya a cikinta. Leda mai alminiyum ba ta barin haske ya ratsa, idan kuwa ka ga ɗigon haske kamar taurari, ta huje ko kuma ba ta da kauri.

Ina ake samun lambar rukuni, kuma me ya kamata ta dace da shi?

Tana kusa da kalmar LOT da ke cikin ɗan akwati. Rukuni shi ne kayan da aka haɗa a zubi ɗaya, kuma kowane rukuni ranar lalacewarsa ɗaya ce tak. Ranar tana kusa da EXP ko wata alama mai kama da kalangu a tsaye. Ranar da aka yi kayan tana kusa da MFG ko hoton masana'anta. REF kuma lambar samfurin ce, ba ta canzawa daga rukuni zuwa rukuni.

Lambar da ke kwali da wadda ke ledar kaset ya kamata su zama ɗaya, haka ma ranar. Kwalbar ruwan gwaji ce take rikita mutane: a wasu kamfanonin tana da tata lambar daban, kuma wannan ba laifi ba ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ruwan ya riga kwalin lalacewa da tazara mai yawa, domin kamfani ba ya ba kwali wa'adin da ya wuce na abin da ke cikinsa. Tsinken huda yatsa da audugar goge fata galibi wasu kamfanoni ne ke yin su, don haka lambobinsu daban ne, kada wannan ya tayar maka da hankali.

Ka kuma lura da salon rubuta ranar. Idan kwalayen da ka saba saye suna rubuta 2026-03 sai wannan ya zo da 03/26, ko siffar lambobin ta canza, ka tambaya.

Za ku iya nuna yadda ake bin lissafin da misali?

A ce mai kemis a Rigasa an turo masa hoton kwalin gwajin maleriya mai guda 25, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa. Lambobin nan na misali ne kawai. A gefen kwalin an buga:

```
LOT  MK2204A
MFG  2022-04
EXP  2026-03
```

Matakin farko lissafi ne. Daga Afrilun 2022 zuwa Maris ɗin 2026 wata 48 ke nan. Yawancin kayan gwajin maleriya wa'adinsu wata 24 ne, wasu kan ɗan wuce haka, amma shekara huɗu ta yi yawa. Da a ce ranar 2024-03 ce, da lissafin ya faɗa daidai kan wata 24. Ke nan lamba ɗaya ce ake tuhuma, 4 da ta koma 6.

Mataki na biyu, ya buɗe hoton sosai a kan wannan 6 ɗin. Sauran lambobin ɗigo-ɗigo ne, ita kuwa ta fi su kauri, ta ɗan sauka ƙasa da layi, kuma farin kwalin da ke kewaye da ita ya yi gashi-gashi kamar an kankare.

Mataki na uku shi ne bakod. Kwalaye da yawa yanzu suna da bakod na tsarin GS1, mai layi-layi ko mai murabba'i, da lambobi a ƙasansa ko a gefensa. A wannan kwalin an ga:

```
(17)240331(10)MK2204A
```

A tsarin, 17 na nufin ranar lalacewa, a jere shekara, wata, rana, 10 kuma lambar rukuni. Wato bakod ɗin yana cewa 31 ga Maris 2024. Wanda ya canza ranar ya gyara abin da ido ke karantawa ya manta da wannan. Ko da ya gyara lambobin da ke rubuce, abin da ke cikin zanen bakod ɗin ba ya gyaruwa da biro, manhajar karanta bakod a waya za ta fito da tsohuwar ranar idan hoton ya fito sarai.

A nan magana ta ƙare, ba sai an jira hoton leda ba. Da kuma duk ukun sun dace, saura mataki ɗaya: a aika wa kamfanin ko wakilinsa na Najeriya lambar REF da LOT da EXP tare da hotunan, a tambaye su ko sun yi wannan rukuni da wannan rana. A ɗauko adireshinsu daga shafinsu na intanet, kada a ɗauka daga jikin kwalin da ake tuhuma.

Takardar bayani fa, wa ke karanta ta?

Kusan babu, shi ya sa masu jabu ba sa wahalar da kansu a kanta. Ta asali takan zama babbar takarda siririya da inji ya naɗe, rubutu ƙanana amma masu kaifi, sau da yawa cikin harsuna fiye da ɗaya, da lambar bugu da ranar da aka sabunta ta a can ƙasa. Ta jabu takan zama hoton kwafi: haruffa sun yi kauri sun cuɗe, zanen layukan sakamako da ya kamata ya zama ja ya koma toka-toka, gefe ɗaya ya yanke, ko a ga inuwar naɗin tsohuwar takardar da aka kwafa.

Kurakuran rubutu suna da amfani, amma saɓani tsakanin takardar da kayan ya fi su nauyi. Takarda ta ce kaset yana da layi uku, C da wasu biyu, wanda ke leda kuma C da T kawai gare shi. Ko ta zana ramuka biyu, na jini da na ruwan gwaji, kaset ɗin kuma rami ɗaya ne. Ko kwali ya ce a ajiye tsakanin digiri 1 zuwa 40, takarda ta ce 2 zuwa 30. Ko REF ɗinta ya bambanta da na kwali. Kowanne daga cikin waɗannan yana nuna an haɗa kayan ne daga wurare daban-daban.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin umarnin kowane samfuri nasa ne. Jini dai galibi mikrolita 5 ne, amma wani samfurin ɗigo 2 na ruwan gwaji yake so, wani 4, wani a karanta bayan minti 15, wani 20. Idan takardar wani ce ta shigo kwalin wani, ko kaset ɗin lafiyayye ne sakamakon zai iya karkacewa. Kayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance suna da rahoto a shafinta, wanda yakan ƙunshi hoton lakabi da takardar bayanin samfurin, ana iya buɗe shi a waya a gwada layi da layi.

Kwalin yana da tambarin CE da lambar NAFDAC. Bai isa ba?

Bai isa ba. Duk abin da aka buga a takarda ana iya kwafarsa, har da CE, wato alamar cewa kaya sun cika ƙa'idar kasuwar Turai. Amfanin lambar NAFDAC shi ne a bincika ta a kundin hukumar na intanet, `greenbook.nafdac.gov.ng`, a ga ko sunan kaya da na kamfanin da suka fito su ne na jikin kwalin. Lamba ta gaske da aka ɗauko daga wani kaya daban tsohuwar dabara ce. Idan ba ka same ta ba, ka tuntuɓi ofishin hukumar kafin ka yanke hukunci.

Tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, ganinsa a kwali ƙarin dalilin tuhuma ne. Hukumar ba ta yarda kamfanoni su buga tambarinta a kayan sayarwa, ko da ta tantance su.

Kwalin ya bambanta da wanda na saba saye. Jabu ne ke nan?

Ba lallai ba. Kamfanoni suna canza suna da zane. Kayan da aka daɗe da sani da SD Bioline na kamfanin Standard Diagnostics ne na Koriya ta Kudu, wanda ke ƙarƙashin Alere, kuma bayan Abbott ya sayi Alere a 2017 kwalayen suka koma ɗaukar sunan Abbott. Akwai kuma SD Biosensor, kamfani ne daban mai kayan STANDARD Q. Wanda bai san wannan ba zai iya ƙin kaya masu kyau. Shawararmu ita ce ka ajiye kwali ɗaya da leda ɗaya da takarda ɗaya daga kayan da ka saya ta hanyar da ka amince da ita, su zama ma'auninka, ka riƙa sabunta su.

Na gwada guda ɗaya, layin C ya fito. Ba shi ke nan ba?

Wannan ne kuskuren da ya fi damunmu. Layin C yana nuna cewa ruwa ya bi takardar ya kai ƙarshe. Ba ya ba da shaida a kan layin T, wanda shi ne ke kama sinadarin ƙwayar maleriya. Kaset da zafi ko tsufa ya raunana yana iya fito da C ja wur, ya kasa nuna T a jinin yaron da ke fama da zazzaɓi. Sai a ce wa uwa ba maleriya ba ce, ta koma gida da farasitamol, bayan kwana biyu a dawo da shi yana suma.

Gwajin da ke da ma'ana shi ne a kai kaset biyu ko uku ɗakin gwaji a gwada su da jinin da madubin likita ya riga ya tabbatar yana da ƙwayar cutar. A shagonka kuma ka lura da alamu: sabon kwali ya zo a watan Agusta, masu zazzaɓi na ta zuwa, amma kusan kowa ba ya nuna komai, ko jini yana tsayawa a tsakiyar tagar kaset, ko tagar ta ƙi washewa har lokacin karantawa ya cika. Mara lafiyar da jikinsa ya yi tsanani a tura shi asibiti ko me kaset ya nuna.

Na gano kayan da ke hannuna ba su da kyau. Me zan yi?

Daina amfani da su nan take, ka ware kwalin ka rubuta a jikinsa kada yaron shago ya ɗauka. Kada ka zubar, kuma kada ka mayar wa dillali duka don ya ba ka kuɗinka, domin gobe za su bayyana a wani shagon a Kawo ko Tudun Wada. Ka adana rasit da saƙonnin da kuka yi da hotunan yadda aka turo su. Ka kai rahoto ofishin NAFDAC na Kaduna da ledoji da ba a buɗe ba, ka kuma sanar da kamfanin da aka yi amfani da sunansa. Idan a asibitin gwamnati kake, ka fara da shugaban wurin da jami'in kula da maleriya na ƙaramar hukuma, tare da lambar rukunin a rubuce, domin a duba sauran wuraren da aka kai irinsa.

Sannan ka buɗe littafinka ka duba waɗanda aka gwada da wannan kwali aka ce musu babu komai, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu. Waɗanda kake da lambarsu ka kira ka tambayi jikin, wanda zazzaɓi bai sake shi ba ya dawo a sake gwada shi da wani kwalin ko a tura shi ɗakin gwaji. Idan kayan na HIV ne ko na ciwon hanta, duk wanda aka gwada da su sai an sake masa a asibitin da ke da kayan da aka tabbatar, ko me sakamakon farko ya nuna.